Mayar da kwano da kamu zuwa kilo da mita idan mai saye Bature ne

Tambaya: Assalamu alaikum, Alhaji. Ni mutumin ƙasar Gumel ne, ina sayen riɗi a ƙauyukanmu da kasuwar Maigatari. Wasu Turawan Ingila sun nemi in haɗa musu tan 5 na riɗi a matsayin gwaji, da mayafan gado na saƙi guda 20, kowanne mita 2 a mita 1.5. Mu da kwano da buhu muke saye, masaƙinmu kuma da kamu yake awo. Kwano kilo nawa ne, kamu kuma mita nawa ne, don in yanka musu farashi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya sa albarka a wannan nema.

Duk wanda ya ba ka lamba ɗaya tak ya ce ita ce nauyin kwano, to bai taimake ka ba, domin kwano ba ya auna nauyi, yana auna wurin da kaya suka cika ne kawai. Ɗan'uwan kwano a ma'aunin Turawa shi ne lita, ba kilo ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, amma lita ɗaya ta busasshiyar masara ko dawa ba ta wuce giram 720 zuwa 750, ta gyararriyar shinkafa tana kaiwa wajen giram 800, ta shanshera tana tsayawa kusa da giram 580, ta riɗi kuwa wajen giram 600 ce. Saboda haka kwanon da ya ɗauki masara kilo 2.5, idan aka zuba masa riɗi da irin wannan cikar, abin da zai ɗauka bai fi kilo 2.1 ba. Maganar da kowa ya haddace, cewa kwano 40 buhu ne, buhu kuma kilo 100 ne, ta samo asali daga masara da dawa da gero, kuma a kansu tana kusa da gaskiya, amma da zarar an ɗauke ta an ɗora a kan riɗi sai ta rushe.

Ga kuma bambancin da ke tsakanin kasuwa da kasuwa. Abin da mutumin Kano ke kira kwano, a wurare da dama na Jigawa da Katsina tiya ake ce masa, kuma galibi ana lissafa tiya a matsayin mudu biyu, amma mudun ma ba girmansa ɗaya ba a ko'ina. Ko a cikin kasuwa guda za ka tarar kwanon da ake saye da shi daga hannun manomi ya ɗara wanda ake sayar wa mai cefane da shi, wani an bubbuga gindinsa ya faɗa ciki, wani kuma an buɗa bakinsa. Kada kuma ka shigo da mudun Annabi da sa'i cikin wannan lissafi, domin su ma'aunin zakka da kaffara ne, suna da nasu hukuncin a wurin malamai, ba da su ake ciniki a kasuwa ba.

Don haka aikinka na farko shi ne ka auna kwanon da kai kake saye da shi. Ka ajiye shi a daidaitaccen wuri, ka riƙa zuba masa ruwa da mazubin da ke da alamar lita a jikinsa har ruwan ya zo daidai da baki, sannan ka rubuta abin da ya ci. A ce ka samu lita 3.1. Wannan ita ce cikar kwano ba tare da tozo ba, kuma amfaninta shi ne ta zama shaidar kwanon: duk ranar da ka yi zargin an sauya maka kwano, ruwa zai raba gardama cikin minti biyu. Sai dai hatsi ba ya kwanciya daidai da baki kamar ruwa, ana tula shi ne har ya yi tozo, wani ma'aunin ma yakan kewaye bakin kwanon da hannunsa na hagu don tozon ya ƙara tsawo. Wannan ya sa gwaji na biyu ya fi na farko muhimmanci. Ka sa mutumin da zai riƙa auna maka, shi da kansa ba yaronsa ba, ya auna kwano 10 na riɗin da za ka saya, yadda ya saba yi idan kasuwa ta cika, ba yadda zai yi don ya san ana kallonsa ba. Ka juye su a buhu guda, ka ɗora a sikeli, ka cire nauyin buhun, ka raba abin da ya rage gida 10. Ana auna goma ne domin kwano ɗaya yana iya zuwa da ɗan ƙari ko ɗan ragi, amma goma sukan nuna ainihin hannun mutum.

Kafin ka yarda da sikelin ma, ka jarraba shi. Ka ɗora masa ruwan da ka auna lita 10 a bokitin da ka riga ka san nauyinsa, ka ga ko zai nuna kilo 10 bayan an cire bokitin, sannan ka gwada shi da abu mai nauyi, kamar sabon buhun siminti mai kilo 50 wanda ba a taɓa ba. Sikelin rataye mai sifirin a ciki yakan yi gaskiya a ƙaramin nauyi, ya yi ƙarya a babba idan ya tsufa, shi ya sa ake gwada shi a wurare biyu.

Bari mu ɗauka kwano 10 ɗin sun ba ka kilo 21, wato kowane kwano kilo 2.1. Buhu mai kwano 40 ya zama kilo 84 ke nan, ba 100 ba. Tan ɗin da Turawan Ingila ke ciniki da shi yau kilo 1,000 ne, a takardunsu za ka ga an rubuta `MT` ko `tonne`, don haka tan 5 kilo 5,000 ne. Idan ka ga an rubuta `ton` kawai, ka tambaya, domin tsohon tan na Ingila kilo 1,016 ne, na Amurka kuma kilo 907. Abu na biyu da ya kamata ka sani shi ne, kilo 5,000 da suke nufi na tsabtataccen riɗi ne zalla, ban da nauyin buhu, ban da ƙasa da tsakuwa da kara da ƙaiƙayi. Riɗin da ke fitowa daga ƙauye kuwa, wanda aka kakkaɓe a gona, ba ya rasa ƙasa, wani lokacin ma da gangan ake yin algus da ita tun da ta fi riɗin nauyi. Ka ɗebi kilo 5 daga buhuna daban-daban, daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, ka rairaye, ka sheƙe, ka sake aunawa. Idan ya dawo kilo 4.8, to ka san kashi 4 cikin 100 na abin da kake biyan kuɗinsa datti ne.

Yanzu lissafin ya fito. Domin ka samu kilo 5,000 bayan gyara, sai ka raba 5,000 da 0.96, wanda zai ba ka kusan kilo 5,208 na riɗin kasuwa. Ka raba wannan da 2.1, ka samu kwano 2,480, wato buhu 62 masu kwano arba'in-arba'in. Da ka bi lissafin kilo 100 a buhu, da buhu 50 za ka saya, su ba ka kilo 4,200, bayan gyara su koma kilo 4,032, ka wayi gari da giɓin kilo 968, kusan tan guda cur, alhali ka riga ka yanka farashi, kuma wataƙila kasuwa ta tashi a tsakani. A nan ne yawancin sababbin shiga wannan harka suke karyewa. Ni a ganina ma ka ƙara buhu ɗaya ko biyu a kan 62 ɗin, domin riɗi ƙwayarsa ƙanana ce, yana tsiyaya ta kafar ɗinki da duk inda ƙugiyar 'yan dako ta huda, musamman a doguwar tafiya zuwa Dawanau ko inda za a gyara shi da inji.

Ka lura da abin da tozo kaɗai yake ɗauke da shi a cikin wannan lissafi. Kwanon nan mai lita 3.1, idan aka shafe shi daidai da baki, riɗin da ke ciki wajen kilo 1.86 ne, da tozo kuma 2.1. Bambancin giram 240 ne a kowane kwano, abin da ido ba zai ɗauka da muhimmanci ba, amma a kwano 2,480 ya kusa kilo 600. Idan ma'auninka ya gaji da yamma ya rage rabin tozon kawai, ka yi asarar buhu uku da ɗoriya ba tare da kowa ya saci komai ba. Maganin wannan shi ne, ko da da kwano ka saya, kowane buhu ya hau sikeli kafin a ɗinke bakinsa, a rubuta nauyinsa a jikinsa da kuma a littafi. Duk buhun da ya gaza kilo 83 a kwance shi tun mai kayan yana tsaye. Wanda kuma ya zarce kilo 87 shi ma abin tuhuma ne, domin riɗi ba ya ƙara nauyi haka kawai, sai dai in ƙasa ce ta yi yawa a ciki.

Farashi ma haka ake mayar da shi. A matsayin misali kawai, idan kwano naira 4,200 ne, ka raba da 2.1, kilo ya kama naira 2,000. Ka sake rabawa da 0.96 saboda datti, ya zama wajen naira 2,083 a kan kowane kilo na tsabtataccen riɗi, tun ba a sa kuɗin buhu da dako da mota da gyara da la'adar dillali ba. Daga wannan lambar ake fara gina farashin da za a ba Bature, ba daga farashin buhu ba.

Akwai batun danshi, wanda ya fi cizo a masara da dawa da wake, ko da yake sabon riɗi ma ba ya tsira daga gare shi. Hatsin da aka saya da kaka yana ɗauke da ruwa a cikinsa, ruwan nan kuma zai fita ko kana so ko ba ka so. Ana lissafa abin da zai rage da wannan ƙa'ida:

```
nauyin ƙarshe = nauyin farko × (100 − danshin farko) ÷ (100 − danshin ƙarshe)
```

Masara kilo 100 mai danshi kashi 18, idan ta bushe ta koma kashi 13, abin da zai rage shi ne kilo 94.3. Masu saye daga waje sukan rubuta iyakar danshin da za su karɓa a cikin yarjejeniya, na riɗi kuma ya fi na masara ƙasa sosai, galibi wajen kashi 6 ko 7. Tauna ƙwaya da haƙori da cusa hannu cikin buhu suna nuna wa gwani abin da bai bushe ba, amma ba sa ba da lambar da za a rubuta a takarda, sai an sa na'urar gwada danshi, wadda manyan masu sayen kaya a Dawanau suke da ita. Idan kuma mai sayen ya tambaye ka `kg/hl`, nauyin lita 100 na kayan yake nufi, kuma nauyin lita ɗaya da aka shafe daidai da baki shi zai ba ka amsa: riɗin da lita ɗaya tasa ta yi giram 600, to 60 ne.

Shawarata a kan hatsi ita ce, kada kalmar kwano ko buhu ta shiga takardar da ke tsakaninka da Baturen ko sau ɗaya. A rubuta kilo, a rubuta cewa ban da nauyin buhu, a rubuta yawan dattin da danshin da aka yarda da su, a kuma rubuta a wane sikeli da a wane gari za a yi awon ƙarshe, domin kayan da aka auna a Maigatari ba lalle su ba da wannan nauyin a tashar jirgin ruwa ta Legas ba.

Sha'anin tufa ya fi sauƙi ta wani gefen, domin akwai abin da yake tabbatacce. Yadi ɗaya inci 36 ne, wato santimita 91.44, mita kuma ta ɗara shi da kusan santimita 8.5. Turmin atamfa mai yadi 6 mita 5.49 ne, shadda mai yadi 5 mita 4.57 ce, mai yadi 10 kuma mita 9.14. Wanda ya ɗauka yadi da mita abu ɗaya ne, ya aika turmi 10 a madadin mita 60, ya aika mita 54.9 ne kawai. Wannan ma idan turmin ya cika ke nan, domin akan samu wanda aka rubuta wa yadi 6 amma idan aka shimfiɗa shi bai kai ba.

Kamu kuwa ba shi da irin wannan tabbaci, tun da daga gwiwar hannu ne zuwa kan dogon yatsa, kuma hannun kowa da tsawonsa. A hannun manyan maza yakan kama daga santimita 45 zuwa 50. Taƙi, daga babban yatsa zuwa dogon yatsa idan an ware su, wajen santimita 20 zuwa 23 ne, gaba kuma, wato ware hannuwa biyu, takan yi kusa da tsawon mutumin kansa. Don haka kamun masaƙinka za ka auna, ba naka ba. Ka sa ya kama zare ko igiya kamu 10 yadda yake yi idan yana aiki, ka auna da tef, ka raba gida 10. Shi ma tef ɗin ka duba shi, domin akwai na teloli da ke shigowa daga Sin wanda gefensa guda ba inci ba ne, wani ma'auninsu ne mai santimita 3.3, alhali inci santimita 2.54 ne. Ka yi aiki da gefen santimita kawai, ka huta.

Abin da ke wahalar da mutane a saƙi shi ne, masaƙi yana sayar da tsawon ƙwarya, wato siririn ƙyallen da ke fitowa daga masaƙa, Bature kuma yana sayen tsawo da faɗin mayafin da aka gama, kuma tsakanin biyun akwai ɗinki da wanki, kowanne yana cin nasa. A ce faɗin ƙwaryar da masaƙinka ke fitarwa santimita 10 ne. Idan da keke za a harhaɗa, ana ɗora bakin wannan a kan wancan, kowace mahaɗa tana cinye kusan santimita ɗaya, sai ya zama abin da ƙwarya ke bayarwa santimita 9 ne. Haɗin hannu baki da baki ba ya cin haka, amma yana ɗaukar lokaci. Sannan saƙin auduga yana tsukewa a wankin farko, idan kuma za a kai shi marina ya sha baba, to ya shiga ruwa ke nan sau da dama. Yawan tsukewar ya danganta da zaren da kuma yadda aka matse saƙar, saboda haka gwadawa ake yi: ka yanki ƙwarya ka sa alama biyu da zare mai launi, mita ɗaya cif a tsakaninsu, ka wanke, ka shanya ba tare da ka ja ta ba, ka sake aunawa. Ka duba faɗin ma.

A ce ta koma santimita 95, faɗin ma ya ragu da irin wannan gwargwado. Don mayafin ya tsaya a faɗin santimita 150 bayan wanki, dole ya zama wajen 158 kafin wanki, idan ka raba da 9 za ka samu 17 da rabi, wato ƙwarya 18, tun da ba a tsaga ƙwarya. Tsawon mita 2 kuma yana buƙatar mita 2.11 kafin wanki, ka ƙara abin da kalmasa bakin sama da na ƙasa za ta ci, ka tsayar da mita 2.2. Ƙwarya 18 sau mita 2.2 ya ba da mita 39.6 a mayafi ɗaya, mayafai 20 kuma mita 792. Idan kamun masaƙin santimita 48 ne, mayafi ɗaya kamu 83 ne. Da ka bi abin da mutane suka saba faɗa, cewa kamu biyu mita ɗaya ne, da kamu 80 za ka sa a yi, su ba ka mita 38.4, kowace ƙwarya ta gaza da kusan santimita 7, wanda ya isa ya sa mayafin ya kasa kai mita 2 bayan an kalmashe.

Tun da kowace ƙwarya kamu huɗu da rabi da 'yan yatsu ce a hannun masaƙin, kada ka bar shi da wannan lissafin a ka. Ka samo miƙaƙƙiyar gora ko sanda, ka yanke ta mita 2.2 daidai, ka ba shi ya riƙa yanka da ita, ka kuma ba shi ɗan guntun kara mai santimita 10 don ya riƙa duba faɗi, domin faɗin ƙwarya yakan ɗan sauya idan aka canja zare ko wani ya karɓi masaƙar. Idan masaƙa biyu ne ko uku za su raba aikin, kowa ya samu irin wannan sandar da karan, in ba haka ba ƙwaryar wannan ba za ta yi daidai da ta wancan ba, mayafin ya fito a karkace.

A takardar mayafan ka rubuta cewa awon na bayan wanki ne, an shimfiɗa a ƙasa ba a ja ba, kuma ka nemi su yarda a rubuce da ɗan ƙari ko ragi, kamar santimita 3 kowane gefe, domin saƙin hannu ba ya fita cif kamar na inji. Ka fara haɗa mayafi ɗaya tukuna, ka wanke shi, ka ɗora tef a kansa ta tsawo da ta faɗi, ka ɗauki hoto yadda lambobin za su fito, ka aika musu. Sai sun amince da wannan a rubuce sannan ka sa a saƙa ragowar 19 ɗin, kuma wannan na farkon ka ajiye shi a hannunka, da shi za a gwada sauran ranar karɓar aiki.